Sa'a ɗaya ta magana, shafi biyu na rahoto: yadda ba za a zubar da matsaya ko ɗaya ba

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ce sabuwar sakatariyar kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu. Na ɗauki muryar zamanmu na ƙarshe a waya, sa'a ɗaya cur, sannan na sa manhaja ta mayar da ita rubutu. Abin da ya fito ya kusa shafi ashirin, ba kai ba gindi: wannan ya katse wancan, an bar magana an shiga wata an sake dawowa, wasu wuraren ma ban gane abin da aka rubuta ba. Shugaba yana son rahoton taro da bai wuce shafi biyu ba kafin ƙarshen mako. Da na fara yankewa sai tsoro ya kama ni, kada in goge abin da aka riga aka tsayar a kai. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama Sakatariya. Ki dakata da yankan nan tukuna. Wanda ya zauna yana goge layi bayan layi daga saman shafi zuwa ƙasa, yana yanke wa kowace jimla hukunci ne tun bai san inda maganar za ta ƙare ba, kuma a nan ake asarar matsaya. Jimlar da ta yi kama da surutu a minti na 20 tana iya zama ita ce amincewar kwamiti, wadda kuma ta yi kama da hukunci tana iya zama an rushe ta a minti na 45. Hanyar da ke fisshe ki ita ce ki bar ɗanyen rubutun yadda yake, ki tsamo duk abin da aka tsayar ki zuba shi a takarda dabam, ki bi kowane ɗaya har inda ya tsaya, sannan ki rubuta rahoton daga wannan takardar. Ɗanyen rubutun ya zama wurin da ake komawa neman hujja kawai.

Ki fara da sanin girman abin da ke gabanki. Magana ta sa'a ɗaya takan haifar da kalmomi wajen dubu takwas zuwa tara, shafi biyu kuwa ba ya ɗaukar fiye da ɗari shida zuwa ɗari takwas idan an bar sarari tsakanin batutuwa. Ke nan fiye da kashi tara cikin goma na rubutun zai tafi. Wannan ba abin tsoro ba ne, domin rahoton taro ba a yi shi don adana abin da kowa ya faɗa ba. Littafin ƙa'idojin taro na Henry Martyn Robert, wanda aka fara bugawa a 1876 kuma ƙungiyoyi da yawa ke aiki da shi har yau, ya tafi a kan cewa rahoto ya ƙunshi abin da taro ya aikata, ba abin da mambobi suka faɗa ba. Abin da taro ya aikata cikin sa'a ɗaya kuwa da wuya ya wuce guda goma zuwa sha biyar. Su kike nema.

Kafin ki taɓa komai, ki ajiye kwafin asali na muryar da na rubutun inda ba za ki gyara su ba, ki yi aiki a kan kwafi na biyu. Ki tabbata rubutun yana da alamar lokaci, irin 12:40 ko 41:05, a gefen magana. Yawancin manhajojin suna da zaɓin fitar da ita. Idan taki ba ta saka ba, ki kunna muryar ki riƙa tsallakawa minti biyar-biyar kina rubuta lokacin a inda ya dace. Aikin minti goma ne, kuma zai hutar da ke daga laluben murya daga baya. Ki ajiye ajandar taron da sunayen mahalarta a gefenki. Kada ki ɓata lokaci wajen gyara kurakuran rubutu ko saka waƙafi da aya a ɗanyen rubutun, tunda ba shi za ki miƙa ba.

Karatu na farko: sa alama, babu gogewa

Ki karanta rubutun daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, wajen minti talatin da biyar zuwa arba'in. Ba ki rubuta komai, ba ki goge komai, alama kawai kike sawa. Alamomi uku sun isa: M a inda ake ganin an tsayar da magana, A a inda aka ɗora wa wani aiki, sai alamar tambaya a inda ba ki tabbata ba. A wannan matakin ki yi yawan alama, kada ki yi ƙwauronta. Gara ki sa talatin ki zubar da sha biyar daga baya, da ki sa goma ki bar biyu a ciki.

Wahalar ita ce mutane ba sa yanke hukunci da kalmar "hukunci". Ɗaya ko biyu ne za su fito fili, inda shugaba ya ce an amince ko aka ɗaga hannu. Sauran suna zuwa ne cikin kayan gida. Akwai wadda ake yi da shiru: shugaba ya ce "to, akwai mai ja?", ba wanda ya tanka, ya ce "mu ci gaba". A cikin murya za ki ji daƙiƙa uku na shiru, amma rubutu ba ya nuna shiru, sai ki ga tambaya kawai an wuce ta kamar ba a amsa ba, alhali an amince. Akwai wadda ake yi da guntuwar kalma, "shi ke nan", "a tafi a haka", "ba laifi", "ya yi". Akwai matsayar ƙi, inda aka kawo shawara aka ce a'a. Masu rubuta rahoto sun fi yawan zubar da ita saboda ganin ba a yi komai ba, sai bayan wata uku mai shawarar ya sake kawo ta a ce ba a taɓa tattaunawa ba. Akwai ɗagewa, "a bari sai zama na gaba", ita ma matsaya ce, domin tana shiga ajandar gaba. Sannan akwai miƙa iko, "shugaba da ma'aji su duba su yanke", wadda ita ce ta fi kowace nauyi idan aka zo bincike, tunda ita ke nuna wa aka ba izinin yin me.

Wurare biyu ne suka fi ɓoye irin waɗannan. Na farko gaɓar da ake barin batu ana shiga wani. Duk inda kika ga an sauya magana, ki koma layi biyar zuwa goma baya ki tambayi kanki da me aka rabu. Kowane batu da aka buɗe sai ya ƙare a ɗaya daga cikin huɗu: an amince, an ƙi, an ɗage, ko an watse ba a tsayar da komai ba. Na biyu shi ne minti biyar na ƙarshe, lokacin da ake jan kujeru ana tattara takardu. A nan ake cewa "af, wa zai kira su?" wani ya ce "bar min". A nan kuma murya ta fi lalacewa, rubutun ya fi zama shirme. Wannan minti biyar ɗin ki saurare shi da kunnenki gaba ɗaya, kome kyan da rubutun ya yi.

Bayan kin gama karatun, ki yi sharar ƙarshe da Ctrl+F. Ki nemi kalmomi irin su amince, yarda, tsaya, bari, ɗage, fasa, janye, amma, sai dai, idan, kafin, da sunayen ranakun mako da na watanni. Kalmomin "amma", "sai dai" da "idan" su ne ke kai ki ga sharuɗɗa, "fasa" da "janye" kuma su kai ki inda aka warware abin da aka ƙulla. Bincike ba ya maye gurbin karatu, domin kalmar da manhaja ta rubuta ba daidai ba ba za ta fito ba.

Takardar matsaya

Yanzu ki buɗe sabon shafi ki ja jadawali mai gida shida: batu, abin da aka tsayar, sharaɗi, wanda zai yi, wa'adi, da lokutan da aka taɓo batun a cikin murya. Gidan ƙarshen nan shi ne zuciyar aikin. Ba lokaci ɗaya za ki rubuta ba, duk lokutan da maganar ta taso za ki jera a layi guda, ko da a tsakiyar wani batu aka sako ta. Taro ba ya tafiya a miƙe, rahoto kuwa dole ya bi ajanda, don haka jadawalin ne ke tattaro gutsattsarin batu ɗaya wuri ɗaya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce batu na uku a ajanda shi ne sayen kujerun aji, kuma ga abin da ɗanyen rubutun ya nuna a wurare huɗu, inda Mai magana 1 shi ne shugaba, 2 mataimakinsa, 3 kuma ma'aji.

A 12:40: "Mai magana 2: wallahi yaran aji huɗu a ƙasa suke zama ni dai ina ganin a sayi sittin gaba ɗaya a huta. Mai magana 1: sittin. Mai magana 4: eh to sittin ɗin dai."

A 19:10: "Mai magana 1: to kujeru sittin ke nan akwai mai magana to madalla sai maganar rufin ɗaki."

A 41:05, ana tsakiyar rahoton kuɗi: "Mai magana 3: ku yi haƙuri in mayar da ku baya kujerun nan abin da ke asusu ba zai kai sittin ba sai dai arba'in in ba haka ba gyaran rufi ya tsaya. Mai magana 2: to a yi arba'in yanzu sauran in kuɗin zango ya shigo. Mai magana 1: kafin ƙarshen wata ke nan. Mai magana 3: in ya shigo. Mai magana 1: to mu amince a haka."

A 57:30, ana tashi: "Mai magana 4: wa zai nemo farashin. Mai magana 2: ni zan kawo daga wuri uku zuwa talatin."

Wadda take yanka daga sama za ta isa 19:10, ta ga amincewa sarai, ta rubuta "an amince a sayi kujeru 60", ta wuce. Idan ta isa 41:05 tana ƙarƙashin kan "rahoton kuɗi", za ta taƙaita shi da cewa ma'aji ya yi bayanin halin asusu. Rahoton zai fita tsaf, kuma ƙarya ne. Matsayar da ke da rai ita ce ta 41:05, ta 19:10 ta mutu. Doka a nan ita ce magana ta ƙarshe da taro ya amince da ita take rinjaye, amma da sharaɗin taron ne ya amince, ba mutum ɗaya ne ya yi ƙorafi aka wuce shi ba. Da ma'aji ya faɗi damuwarsa shugaba ya ce "mun ji, mu ci gaba", da sittin ɗin tana nan daram, sai a rubuta damuwar ma'aji a gefenta.

Ki lura kuma cewa abin da ya faru a 41:05 matsaya biyu ne cikin rigar ɗaya: arba'in yanzu ba tare da sharaɗi ba, da ashirin daga baya bisa sharaɗi. Kowace ta sami layinta a jadawali. Idan kika haɗe su kika ce "za a sayi kujeru 60 kashi biyu", kin zubar da sharaɗin, kin kuma ɗora wa ma'aji alƙawarin da ya ƙi ɗauka da bakinsa. Dubi yadda shugaba ya ce "kafin ƙarshen wata ke nan", shi kuwa ma'aji ya amsa da "in ya shigo". Bai yarda da wa'adin ba, sharaɗin ya maimaita. Shin ƙarshen wata wa'adin sayen ne, ko lokacin da ake sa ran shigowar kuɗin? Rubutun bai warware ba. Wannan gidan alamar tambaya ce, za mu dawo kanta.

Inda dole a koma ga murya

Ba sai kin sake sauraren sa'ar gaba ɗaya ba. Kowane layi na jadawali, ki koma minti ɗaya kafin lokacinsa ki saurara zuwa minti ɗaya bayansa. Layi goma sha biyu zai ci miki wajen minti talatin, har da minti biyar na ƙarshen taro. Ki sa abin sauraro a kunne, ki rage saurin muryar zuwa 0.75 a inda mutane suka hau kan juna.

Abubuwa huɗu kike tantancewa, domin a kansu rubutun manhaja ya fi yin ɓarna mai tsada. Na farko lamba. Talatin da tamanin, sittin da tis'in, ashirin da arba'in, duk suna ƙarewa da sauti ɗaya, kuma idan mai magana yana nesa da waya farkon kalmar ne ke ɓacewa. A misalinmu, "zuwa talatin" na 57:30 abin zargi ne: ranar 30 ga wata ake nufi, ko "zuwa Talata" aka ce? Tsakaninsu akwai bambancin makonni. Kowace lamba da kowace rana da za ta shiga rahoto, sai kunnenki ya ji ta.

Na biyu kalmar korewa. "Ba" gajeriya ce, ana haɗiye ta cikin sauri, idan ta faɗi kuwa jimla ta juya gaba ɗaya: "ba za mu biya ba" ta koma "za mu biya". Alamar da ke tona wannan ita ce ki ga "ba" guda ɗaya tana yawo a ƙarshen jimla babu 'yar'uwarta a farko, ko ki ga amsar da ta biyo baya ba ta dace da jimlar ba.

Na uku bambancin abin da aka yi da abin da ake neman a yi. "Mun amince" da "mu amince" harafi ɗaya ya raba su, amma na farko sanarwa ce cewa an gama, na biyu roƙo ne da ke jiran amsa. A 41:05 rubutun ya ce "to mu amince a haka". Ki saurara. Idan kin ji "mun", ko kin ji muryoyi sun amsa bayan "mu", ko shiru ya biyo sannan shugaba ya wuce ba tare da an ja ba, matsaya ce. Idan kin ji wani ya fara "amma" aka danne shi da hayaniya, ki sa alamar tambaya.

Na huɗu wanda ya yi maganar. Manhaja tana raba muryoyi da ƙiyasi ne, takan haɗe mutum biyu masu murya iri ɗaya ta kira su mutum ɗaya, ko ta raba mutum ɗaya biyu idan ya matsa daga kusa da waya. A yawancin rubutun wannan bai dame ki ba. Ya dame ki ne a inda aka ce "ni zan yi", a inda aka gabatar da ƙuduri aka mara masa baya, da inda wani ya nemi a rubuta cewa bai yarda ba. Ke kin halarci zaman, kin san muryoyin, don haka ki maye "Mai magana 2" da sunan gaskiya a waɗannan wuraren kaɗai.

Abin da ya rage da alamar tambaya bayan sauraro, kada ki cike shi da abin da kike ganin ya fi ma'ana. Wannan ne kuskuren masu ƙwazo: sun fahimci abin da ya kamata a ce an yanke, sai su rubuta shi kamar an yanke. Sakatare ba ya yanke wa kwamiti hukunci da alƙalami. Ki tara tambayoyin, da wuya su wuce uku ko huɗu, ki aika wa shugaba a saƙo ɗaya, kowace da lokacinta da zaɓi biyu: "Ranka ya daɗe, a 41:05, ƙarshen wata wa'adin sayen sauran kujeru 20 ne, ko lokacin da ake sa ran kuɗin zango?" Tambaya mai zaɓi biyu ana amsa ta cikin minti ɗaya, "me aka yanke game da kujeru?" kuwa tana buɗe ƙofar a sake yin taron a waya. Idan amsar shugaba ta saɓa wa abin da kika ji a murya ƙarara, murya ce hujja, ki tura masa wurin ya ji. Idan shi ma bai tabbata ba, ki rubuta gaskiya: an tattauna, ba a tsayar da wa'adi ba, za a tabbatar a zama na gaba.

Rubuta rahoton

Ki rufe ɗanyen rubutun. Daga nan jadawali da ajanda kawai ke gabanki, domin muddin rubutun yana buɗe, hannunki zai riƙa kwaso jimlolin mutane yana cusawa. A sama ki sa sunan kwamiti, rana, wuri, lokacin farawa da tashi, wanda ya shugabanta, waɗanda suka halarta da waɗanda suka ba da uzuri, da ko adadin da dokarku ta ce sai ya cika kafin a yanke hukunci ya cika. Sai amincewa da rahoton zaman baya, sannan batutuwa bisa jerin ajanda, ba bisa jerin yadda aka yi maganar ba.

Kowane batu ya sami jimla ɗaya ko biyu na dalili, sai matsaya, sai aiki. Ga yadda batunmu zai fita, a ce sauraro ya nuna "Talata" aka ce, shugaba kuma ya tabbatar ba a sa wa kashi na biyu wa'adi ba:

"3. Kujerun aji. An nuna ƙarancin kujeru a aji huɗu. Ma'aji ya bayyana cewa asusu ba zai ɗauki kujeru 60 tare da gyaran rufi ba. Matsaya 3.1: An amince a sayi kujeru 40 yanzu. Matsaya 3.2: Za a sayi ƙarin 20 idan kuɗin zango ya shigo, ba a sa wa'adi ba. Aiki: Mataimakin shugaba zai kawo farashi daga wuri uku ranar Talata."

Kalmomi wajen sittin ke nan, daga magana da ta ci fiye da minti goma. A rahoto na gaske ki rubuta kwanan watan Talatar da lambobi, domin wanda zai karanta bayan wata shida bai san wace Talata ba ce. Haka "gobe", "mako mai zuwa" da "ƙarshen wata", duk a mayar da su kwanan wata. Ba a ambaci amincewar farko ta 19:10 a matsayin matsaya ba, tunda an sauya ta a zaman. Adadin 60 ya fito ne a jimlar dalili kawai don mai karatu ya gane daga ina 40 da 20 suka zo. Amma idan a taronku ana gabatar da ƙuduri a ƙa'idance ana ƙuri'a, to ƙudurin farko da gyaran da aka yi masa duka suna shiga, da kalmominsu yadda aka faɗa, da adadin masu goyon baya, masu adawa da waɗanda suka ƙaurace. Kalmomin ƙuduri ba a gyara musu zama.

Jimlar dalili tana da amfani, kada ki yar da ita don neman gajarta. Matsaya ba dalili takan jawo a sake buɗe ta, domin wanda bai zo ba zai ce me ya hana a sayi sittin. Amma dalilin da ya rinjayi taro kaɗai ake rubutawa, ba duk hujjojin da aka kawo ba. Sunaye kuma a bar su ga masu aiki, masu ƙuduri, da wanda ya nemi a rubuta adawarsa. "Wane ya ce, wance ta mayar masa" ba ya shiga, haka zafin rai da barkwanci da maganar wani da ba ya wurin. Ki guji kalmomin da ke ɗauke da ra'ayinki, irin su "bayan doguwar muhawara" ko "cikin farin ciki". Ki kuma riƙe kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya: "an amince" ga abin da aka yanke, "an ba da shawara" ga abin da aka kawo ba a yanke ba, "an ɗage" ga abin da aka tura gaba. Idan kika riƙa sauya su don ƙawata rubutu, mai karatu zai kasa bambance shawara da hukunci.

Aikin da ba shi da mai shi, irin "a kira mai gyaran rufi" da ba wanda ya ce zai yi, ki rubuta shi da "ba a ɗora wa kowa ba". Zai yi wa kwamiti ɗaci a ido, amma za a gyara shi cikin kwana ɗaya. Idan kika rubuta "za a kira", kowa zai ɗauka wani ne. A ƙarshen rahoton ki sake jera ayyukan duka a ɗan jadawali mai gida uku, aiki, mai yi, wa'adi, domin shi ne abin da yawancin mambobi za su karanta.

Idan daftarin ya zarce shafi biyu, ki rage daga jimlolin dalili da bayanan da aka gabatar don sanarwa kawai. Rahoton kuɗi ko wata takarda da aka karanta a zaman, a ce "an gabatar, an haɗa a baya", ba sai an kwafe ta ba. Matsaya, sharaɗi, suna, lamba da wa'adi ba a taɓa su. In bayan haka har yanzu ya zarce da rabin shafi, ki miƙa shi a haka ki gaya wa shugaba dalili.

Tantancewa ta fuska biyu

Kafin ki aika, ki yi lissafi. Ki ƙirga layukan jadawali, ki ƙirga matsayoyi da ayyukan da ke cikin rahoto. Dole adadin ya zo ɗaya. Sannan ki buɗe ɗanyen rubutun ki bi duk alamar M da A da kika sa tun farko, kowace ki iya cewa ga inda ta shiga, ko ga dalilin da aka bar ta, misali an sauya ta a 41:05. Wannan yana kama abin da ya zube. Sai ki juya: kowace jimla ta rahoto da ta fara da "an amince", ki iya nuna mintin da aka faɗe ta. Wadda ba ta da minti, daga kanki ta fito, a cire ta ko a tambaya. Wannan kuma yana kama abin da ya ƙaru. Duka biyun ba sa wuce minti goma sha biyar.

Aikin gaba ɗaya zai ci miki sa'a biyu zuwa biyu da rabi a karon farko. Ki yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu da taron, tun kina tuna wanda ya gyaɗa kai da wanda ya fita kafin a yanke, abubuwan da waya ba ta ɗauka. Ki rubuta "daftari" a saman shafi, shugaba ya fara gani, sannan mambobi, da wa'adin kawo gyara. Gyaran da ake karɓa shi ne na abin da aka rubuta ba daidai ba. Wanda ya sauya ra'ayi bayan taro sai ya kawo shi zama na gaba. Ki riƙe muryar da jadawalin har a amince da rahoton a zama mai zuwa, bayan nan ki bi abin da kwamiti ya tsara game da ajiye murya ko goge ta, kuma kada ki tura ɗanyen rubutun ga kowa da kowa, domin yana ɗauke da maganganun da mutane ba su yi don a yaɗa ba.

A zama na gaba, ki roƙi shugaba tun kafin a fara cewa duk batun da za a rufe, ya ba ki daƙiƙa goma ki karanta abin da kika rubuta da babbar murya: "Kujeru 40 yanzu, 20 idan kuɗi ya shigo, mataimaki zai kawo farashi ranar Talata. Haka ne?" Ki duba agogon na'urar ɗaukar murya ki rubuta mintin a gefen takardarki. Ki kuma ajiye wayar a tsakiyar tebur a kan wani abu mai laushi, nesa da fanka da takardun da ake juyawa, kada ki kashe ta sai mutum na ƙarshe ya miƙe.